Tambayoyi da Amsoshi Kan Hujjar Bi-da-bi: Yadda Ake Bayyana Ta Ga Ɗaliban Aji Ɗaya Na Jami'a Da Jimillar Lambobi Daga 1 Zuwa n

Waɗannan tambayoyi na tattaro su ne daga bakin ɗaliban aji ɗaya na jami'a da kuma ƙananan malaman da ake ba su darasin lissafi na zangon farko su koyar. Hanyar kafa hujja da ake magana a kai ita ce wadda ɗalibai ke kira indakshan, ni kuwa a nan zan kira ta hujjar bi-da-bi, saboda gaskiyar magana tana bin lambobi ne ɗaya bayan ɗaya. Misali guda za mu riƙe tun daga farko har ƙarshe, wato jimillar lambobi daga 1 zuwa n.

Mene ne ainihin abin da ake son tabbatarwa?

Ana son a tabbatar cewa idan aka tara lambobin ƙirga tun daga 1 har zuwa kowace lamba n, jimillar za ta zama n sau lambar da ke bin ta, a raba biyu. A rubuce shi ne:

1 + 2 + 3 + ... + n = n(n + 1)/2

Kafin a ambaci kalmar hujja a aji, yana da kyau malami ya bar ɗalibai su gwada da hannunsu. Idan n ta zama 4, ɓangaren hagu shi ne 1 + 2 + 3 + 4, wato 10, ɓangaren dama kuwa 4 sau 5 a raba biyu, wanda shi ma 10 ne. Idan n ta zama 10, duka ɓangarorin suna ba da 55. Abin da nake so ɗalibi ya lura da shi tun a nan shi ne, wannan layi guda da muka rubuta ya ƙunshi maganganu marasa iyaka, domin akwai magana game da 1, akwai game da 2, akwai game da 100, haka nan har abada. Wanda bai ga layin a matsayin jerin maganganu ba zai sha wuya wajen gane dalilin da ya sa ake bukatar wata hanya ta musamman.

Tun da mun gwada da lambobi da yawa kuma duk sun yi daidai, me ya sa hakan bai isa ba?

Saboda gwaji yana ba da shaida ne kan lambobin da aka gwada kaɗai, waɗanda suka rage kuwa ba su da iyaka. Ɗalibai ba sa yarda da wannan da fatar baki, sai an nuna musu inda gwaji ya yaudari mutum, kuma mafi kyawun misali da na sani shi ne n² + n + 41, wanda ake jingina wa masanin lissafi Leonhard Euler. Idan aka sa n ta zama 1 za a sami 43, idan 2 ce a sami 47, idan 3 ce a sami 53, kuma kowace daga cikinsu lamba ce da ba ta rabuwa da komai sai da 1 da ita kanta. Haka abin yake ci gaba ba tare da kuskure ba har zuwa 39. Amma da zarar n ta kai 40, sakamakon shi ne 1681, wanda yake 41 sau 41. Ɗalibin da ya gwada lambobi talatin da tara a jere ya ga duk sun yi daidai zai iya rantsuwa cewa ƙa'ida ce tabbatacciya, alhali lamba ta gaba kawai ta isa ta rushe ta. Na fi son a bar ɗalibai su lissafa biyar ko shida na farko da kansu, su fara sakin jiki da ita, sannan a ce su gwada 40.

To yaya hujjar take tafiya, daki-daki?

Ayyuka biyu ne ake yi, sannan a rufe da jimla ɗaya.

Aiki na farko shi ne tushe, wato a nuna cewa maganar gaskiya ce ga lamba ta farko. Idan n ta zama 1, ɓangaren hagu 1 ne kawai, ɓangaren dama kuwa 1(1 + 1)/2, wanda shi ma 1 ne. Tushe ya tabbata ke nan. Ya kamata a lissafa kowane ɓangare daban, kada a wuce da cewa a fili yake.

Aiki na biyu shi ne mahaɗi, wato a nuna cewa duk lambar da maganar ta tabbata a kanta, to dole ta tabbata a kan wadda ke bin ta. Sai mu ɗauki wata lamba k, kowace ce daga 1 zuwa sama, mu ƙaddara cewa maganar gaskiya ce a kanta:

1 + 2 + ... + k = k(k + 1)/2

Kafin a taɓa komai, ɗalibi ya rubuta a gefen takarda inda ake son a isa, domin wanda bai san masaukinsa ba yakan yi ta juya alamomi ba tare da ya san ya iso ba. Inda ake son a isa shi ne:

1 + 2 + ... + k + (k + 1) = (k + 1)(k + 2)/2

Yanzu sai a fara daga ɓangaren hagu na wannan layi. Idan aka duba shi da kyau, za a ga cewa jimillar 1 zuwa k ce aka ƙara mata lamba ɗaya tak, wato k + 1. Jimillar 1 zuwa k kuwa mun riga mun ƙaddara darajarta, saboda haka sai mu cire ta mu sa k(k + 1)/2 a gurbinta:

1 + 2 + ... + k + (k + 1) = k(k + 1)/2 + (k + 1)

A wannan layi ne kaɗai aka yi amfani da abin da aka ƙaddara, kuma nakan bukaci ɗalibai su ja layi a ƙarƙashinsa su rubuta hakan da kalmomi. Abin da ya rage aikin aljabara ne na sakandare. A mayar da duka kashi biyun su zama bisa 2, sannan a fitar da k + 1 da suka yi tarayya a kai:

k(k + 1)/2 + 2(k + 1)/2 = (k + 1)(k + 2)/2

Mun isa inda muka rubuta a gefe. Sai jimlar rufewa: tun da maganar ta tabbata a kan 1, kuma tabbatarta a kan kowace k yana jawo tabbatarta a kan k + 1, to ta tabbata a kan kowace lambar ƙirga n.

Ga ɗalibin da haruffa suka ruɗa, a maimaita mahaɗin da lambobi na zahiri. Jimillar 1 zuwa 100 ita ce 5050. Don a sami jimillar 1 zuwa 101 ba sai an koma farko ba, a ƙara 101 kawai a kan 5050 a sami 5151, kuma 101 sau 102 a raba biyu shi ma 5151 ne. Abin da aka yi da 100 da 101 shi ne aka yi da k da k + 1, sai dai da harafi an yi shi ne sau ɗaya a madadin dukkan lambobi.

Malam, ashe ba abin da muke son tabbatarwa ne muka ƙaddara ba? Ta yaya za a ce mu ɗauka gaskiya ne, sannan mu ce mun tabbatar?

Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a darasin baki ɗaya, kuma ɗalibin da ya yi ta ya cancanci amsa mai kyau, domin ya nuna yana bin hujjar da hankalinsa. Malamin da ya amsa da cewa haka ake yi, ya koya wa ɗalibai haddar tsari, ya bar su da zargin cewa akwai wata dabara da ake ɓoye musu.

Amsar ita ce, a matakin mahaɗi ba mu ce maganar gaskiya ce a kan k ba. Abin da muka tabbatar magana ce mai sharaɗi, wato idan ta tabbata a kan k, to za ta tabbata a kan k + 1. Magana mai sharaɗi tana iya zama gaskiya ko da ba a san ko sharaɗin ya cika ba. Idan na ce wa mutum, in yau Laraba ce to gobe Alhamis, na faɗi gaskiya ko da yau Asabar ce, domin ban yi da'awar cewa yau Laraba ba ce, dangantakar ranakun biyu kawai na bayyana. Hanyar da ake tabbatar da irin wannan magana kuwa ita ce a ƙaddara sharaɗin na ɗan lokaci a ga abin da ke biyo baya.

Sannan a lura da bambanci tsakanin abin da aka ƙaddara da abin da ake nema. Abin da ake nema shi ne gaskiyar maganar a kan dukkan lambobi. Abin da aka ƙaddara shi ne gaskiyarta a kan lamba ɗaya, k. Da a ce mun rubuta cewa mu ƙaddara maganar gaskiya ce ga kowace n, da ƙorafin ɗalibin ya yi daidai, domin a nan mun ɗauki abin da ake nema mun mai da shi jari. Shi ya sa nake rage maki idan na ga wannan jimla a takardar jarrabawa, ko da aljabarar da ta biyo baya ba ta da aibi.

Misalin da ya fi yi mini aiki a aji shi ne na leburori a wurin gini, waɗanda suka yi layi suna miƙa bulo daga hannu zuwa hannu. Mai kula da aikin yana iya bin layin ya tabbatar cewa kowane mutum yana tsaye kusa da na gaba da shi, kuma duk wanda bulo ya zo hannunsa zai miƙa. Zai iya tabbatar da wannan tun kafin a sauke bulo ko ɗaya daga mota, kuma wannan shi ne mahaɗi. Ɗora bulo a hannun mutum na farko shi ne tushe. Idan an sami biyun, bulo zai kai ga na biyu saboda na farko ya samu, ya kai ga na uku saboda na biyu ya samu, kuma babu wanda za a nuna a layin a ce bulo ba zai iso shi ba.

Idan mahaɗi ne babban aiki, me ya sa ake damuwa da tushe, alhali 1 = 1 ne kawai?

Saboda mahaɗi shi kaɗai yana iya tabbata a kan maganar ƙarya. A rubuta wannan a allo a ce ɗalibai su gwada mahaɗinsa:

1 + 2 + ... + n = n(n + 1)/2 + 7

Idan aka ƙaddara shi a kan k aka ƙara k + 1, za a sami (k + 1)(k + 2)/2 + 7, domin 7 ɗin tana zaune ne a gefe ba abin da ya taɓa ta. Mahaɗi ya tabbata sarai. Amma idan n ta zama 1, hagu yana ba da 1, dama yana ba da 8, kuma babu wata lamba da maganar ta yi daidai a kanta. Layin leburori ne a tsaye tsaf, ba a kawo bulo ba.

Wannan misali yana buɗe wata hanya ta fahimtar hujjar da nake ganin ta fi kowace sauƙi. Abin da mahaɗi ke faɗa a nan shi ne, duk lokacin da aka matsa daga k zuwa k + 1, ɓangaren hagu yana ƙaruwa da k + 1, ɓangaren dama ma yana ƙaruwa da k + 1. Ɗalibi zai iya duba hakan da kansa idan ya ɗebe k(k + 1)/2 daga (k + 1)(k + 2)/2. Wato ɓangarorin biyu kamar matafiya biyu ne da takunsu yake daidai a kowane mataki. Idan daga wuri ɗaya suka tashi, za su kasance kafaɗa da kafaɗa har ƙarshen tafiya. Idan kuwa ɗaya ya tashi da ratar 7, ratar nan ba za ta ƙaru ba kuma ba za ta ragu ba. Tushe shi ne ke gaya mana cewa daga wuri ɗaya suka tashi.

Ta yaya matakai biyu kacal za su ɗauke nauyin lambobi marasa iyaka?

Ga ɗalibin da misalin bulo bai gamsar ba, akwai hujja ta wata fuska. A ce akwai lambobin da ƙa'idar ta ƙi aiki a kansu. To a cikinsu dole akwai mafi ƙanƙanta, domin duk wani tarin lambobin ƙirga da ba fanko ba yana da ƙaramarsa. Mu kira ta m. Wannan m ba za ta zama 1 ba, tun da mun duba 1 da hannunmu. Saboda haka akwai lambar da ta gabace ta, m − 1, kuma ƙa'idar tana aiki a kanta, domin m ce farkon inda aka ce ta ƙi. Amma mahaɗi ya ce duk inda ta yi aiki to tana aiki a lamba ta gaba, ke nan tana aiki a kan m, abin da ya ci karo da yadda muka zaɓo m tun farko. Ke nan babu lambar da za ta zama farkon ɓaraka, kuma idan babu farko babu ɓarakar gaba ɗaya.

Waɗanne kurakurai ne suka fi yawa a takardun ɗalibai, kuma ta yaya ake gane su?

Wanda na fi gani shi ne ɗalibi ya rubuta abin da ya ƙaddara, sannan ya bi layin yana sauya kowace k da k + 1, ya ce ya gama. Alamar wannan kuskure ita ce babu inda aka ƙara k + 1 a kan k(k + 1)/2, wato babu layin da za a ja wa layi a ce a nan aka yi amfani da ƙaddarawa. Abin da ɗalibin ya yi shi ne rubuta inda ake son a isa, ba tare da ya yi tafiyar ba.

Na biyu ya fi wannan wuyar ganewa, kuma ɗalibai masu ƙoƙari ne suka fi faɗawa cikinsa. Sukan fara da rubuta abin da ake nema a matsayin daidaito, su yi ta sarrafa hagu da dama tare har su kai ga wani abu kamar 0 = 0, sannan su ce tun da an ƙare da gaskiya to farkon ma gaskiya ne. Matsalar ita ce ana iya tashi daga ƙarya a sauka a kan gaskiya. Idan aka ɗauki 1 = 2 aka ninka kowane ɓangare da sifiri, za a sami 0 = 0, kuma hakan bai mai da 1 ta zama 2 ba. A misalinmu na jimilla matakan suna juyuwa baya, shi ya sa amsar takan yi kama da daidai, amma ɗabi'ar tana cutar da ɗalibi idan aka zo maganganun da ke cewa wani abu ya fi wani girma. Maganin shi ne a saba da farawa daga ɓangaren hagu kaɗai, a bi shi layi bayan layi har ya rikiɗe ya zama ɓangaren dama.

Akwai kuma sakaci da alamar baka biyu. Ɗalibi yakan rubuta k + 1(k + 2)/2 yana nufin (k + 1)(k + 2)/2. A ce masa ya sa 4 a gurbin k a cikin abin da ya rubuta, zai sami 7, alhali jimillar 1 zuwa 5 ita ce 15.

Ai akwai hanyar Gauss da ta fi sauƙi. Me ya sa ba za a tsaya a kanta ba?

Labarin da ake bayarwa shi ne, Carl Friedrich Gauss, wanda aka haifa a Braunschweig ta ƙasar Jamus a 1777, yana yaro a makaranta aka ce su tara 1 zuwa 100, sai ya haɗa 1 da 100, 2 da 99, 3 da 98, ya ga kowane haɗi 101 ne kuma haɗi hamsin ne, ya ba da amsa 5050. Ga kowace n, hanyar ta fi tsafta idan aka rubuta jerin sau biyu, ɗaya daga 1 zuwa n, ɗaya a ƙarƙashinsa daga n zuwa 1. Kowane ginshiƙi yana ba da n + 1, ginshiƙan kuma guda n ne, saboda haka ninki biyu na jimillar shi ne n(n + 1). Wannan hujja ce cikakkiya, kuma a ganina ya kamata a nuna ta kafin ta bi-da-bi, domin ita ce ke bayyana daga inda ƙa'idar ta fito.

Dalilin da ya sa ba a tsayawa a kanta shi ne dabarar ta dace da wannan jimilla ne saboda tazarar da ke tsakanin lambobin iri ɗaya ce. A gwada ta da 1 + 4 + 9 + 16, inda aka ninka kowace lamba da kanta: 1 da 16 suna ba da 17, 4 da 9 suna ba da 13, haɗin bai zo daidai ba. Hujjar bi-da-bi kuwa tana tabbatar da ƙa'idar wannan jeri, wato n(n + 1)(2n + 1)/6, da matakan nan guda biyu ba tare da an sauya komai a tsarin ba, illa dai abin da ake ƙarawa ya zama (k + 1)². Ana koyar da hanyar da jimillar 1 zuwa n ne saboda ɗalibi ya riga ya yarda da sakamakon, hankalinsa sai ya tattaru a kan yadda hujjar ke aiki.

Wa ya fara amfani da wannan hanya?

Ana samun tunani mai kama da ita a ayyukan Al-Karaji, wanda ya yi aiki a Bagadaza wajen shekara ta 1000 miladiyya. Blaise Pascal na Faransa ya shimfiɗa matakan biyu a fili a rubutunsa kan alwatikar lambobi da aka buga a 1665, sannan a 1889 Giuseppe Peano na Italiya ya sanya ta cikin ginshiƙan da ya gina lambobin ƙirga a kansu.

Ina iyakar wannan hanya, kuma wane aiki ya kamata a ba ɗalibai bayan wannan misali?

Iyakarta ta farko ita ce ba ta samar da ƙa'ida, tana tabbatar da wadda aka riga aka hango ne. Idan ba a san n(n + 1)/2 ba tun farko, babu abin da za a ƙaddara a kan k. Ta biyu, tana aiki ne a kan cikakkun lambobi da kowace ke da mai bin ta, domin idan ana tafiya daga 1 zuwa 2 zuwa 3 ba za a taɓa taka ɗaya da rabi ba.

Aikin da na fi so in bayar da farko shi ne jimillar lambobin mara, wato 1 + 3 + 5 da sauransu, ba tare da na faɗi ƙa'idar ba. Ɗalibai sukan lissafa su sami 1, 4, 9, 16, su hango da kansu cewa jimillar guda n na farko ita ce n², sannan su tabbatar. Inda sukan yi tuntuɓe shi ne gano abin da za a ƙara, domin lamba ta k a jerin ita ce 2k − 1, mai bin ta kuwa 2k + 1 ce, amma da yawa sukan ƙara k + 1 saboda shi suka gani a misalin farko. Wannan tuntuɓe ne ke nuna wa malami wanda ya fahimci mahaɗi da wanda ya haddace siffarsa. Bayan shi sai a kawo maganar cewa 2ⁿ ya fi n² girma, wadda ke nuna cewa ba dole ne tushe ya zama 1 ba. A kan 2 ɓangarorin biyu 4 ne, a kan 3 ana samun 8 da 9, a kan 4 duka 16 ne, sai a kan 5 ne ake samun 32 da 25, kuma daga nan maganar ba ta sake karyewa, saboda haka a wannan aiki 5 ce tushe, kuma k da za a ɗauka a mahaɗi dole ta kasance 5 ko sama da haka.